Yadda ake rubuta bidiyon gwajin na'ura ba tare da an ɓoye aibinta ba

*"Wani kamfani ya aiko mini da fawa-bank mai 10,000mAh kyauta domin in yi bidiyo a kansa. Yana aiki, amma na ga wasu abubuwa da ba su yi mini ba. Ta yaya zan tsara abin da zan faɗa yadda masu kallo za su san gaskiya, ba tare da na zama kamar mai ɓata kaya ba?"*

Ɗan'uwa, kafin ka rubuta kalma ɗaya, mayar da kowane "bai yi mini ba" ya zama abin da aka auna. Yawancin bidiyoyin da ke ikirarin gaskiya a nan suke faɗuwa. Mutum ya yi minti bakwai yana yabo, sai a ƙarshe ya ce "abin da kawai zan ce shi ne yana ɗan zafi", ya wuce. Bai yi ƙarya ba, amma bai ba mai kallo abin da zai yanke hukunci da shi ba. Zafi nawa? Bayan minti nawa? Yana rage saurin caji ko kuwa a hannu kawai ake jinsa? Aibin da zai amfani mai kallo yana zuwa da abu uku: me ya faru, a wane yanayi ya faru, kuma wa zai dama. Idan ɗaya ya ɓace, ka koma ka sake gwaji kafin ka koma kan takarda.

Bari mu bi fawa-bank ɗin naka, domin yana da wata matsala da kusan kowa ke kuskuren fahimta, kuma a kanta za a ga bambancin mai faɗin gaskiya da mai yin hayaniya.

Lambar 10,000mAh da ke jikin kwali ƙarfin ƙwayoyin batir ɗin ciki ne, kuma waɗannan ƙwayoyi suna aiki a kan bolt 3.7 ko kusa da haka. Kafar USB kuwa tana fitar da bolt 5, ko sama da haka idan ana caji mai sauri. Saboda haka ba a kwatanta mAh da mAh kai tsaye, sai an mayar da su Wh, wato ainihin adadin wutar da aka tara:

10,000mAh × 3.7V ÷ 1000 = 37Wh

37Wh ÷ 5V = 7,400mAh

Ka ga tun kafin a yi asarar komai, 7,400mAh ne iyakar abin da zai iya fita a kan bolt 5. Sannan na'urar da ke ɗaga bolt daga 3.7 zuwa 5 tana cin nata rabo, yana fita a matsayin zafi. Shi ya sa kamfanoni da dama suke rubuta wata lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan na'urar ko a shafin sayarwa, a ƙarƙashin Rated capacity, wadda ga mai 10,000mAh takan faɗo wajen 6,000mAh. Nemo wannan lambar, ka ɗauke ta da kyamara kusa-kusa. Ita ce alkawarin da ya kamata ka riƙe kamfanin da shi.

Yanzu awo. Kana buƙatar ƙaramar mita ta USB, irin wadda ake sakawa tsakanin kafa da kebul, tana nuna bolt, amfiya, wat da jimillar Wh. Cika fawa-bank ɗin taf, mayar da mitar sifili, ka zuƙe shi har ya mutu da kansa, ka rubuta Wh ɗin da ya fita. Maimaita sau biyu ko uku, saboda awo ɗaya na iya zama haɗari. A ce ka samu 31Wh. Wannan kashi 84 cikin 100 ne na 37Wh, kuma sakamako ne mai kyau. Sai ka ɗauki waya mai batir 5,000mAh, wadda ke riƙe da kimanin 19Wh. Ita ma wayar tana asarar wani abu wajen karɓar caji, don haka a ce mitar ta nuna ta sha 22Wh daga sifili zuwa cika. Raba 31 da 22, ka samu 1.4. Wato cika ɗaya da ƙasa da rabi, alhali mai saye yana lissafin cika biyu a ransa.

A nan ne hukuncinka zai yi aiki. Mai neman kallo zai sa hoton bango da manyan haruffa, ya ce kamfani ya yi ha'inci. Wannan zalunci ne, domin duk fawa-bank ɗin duniya haka yake. Mai tsoron kamfani kuma zai yi shiru, mai kallo ya saya yana sa ran cika biyu, ya ga ba haka ba, ya daina yarda da kai. Abin da ya dace ya shiga rubutunka shi ne irin wannan:

"An rubuta 10,000 a jikinsa, amma kada ka sa ran zai cika waya mai 5,000 sau biyu. A gwajina ya cika ta sau ɗaya, ya ƙara mata kashi 40. Wannan ba laifin wannan samfurin ba ne, haka lissafin kowane fawa-bank yake. Abin da na auna, 31Wh daga cikin 37, yana cikin masu kyau."

Jimla huɗu, kuma ba wanda aka cuta a cikinsu.

Daga wannan misali za ka ga cewa abubuwan da ba su yi maka ba ba iri ɗaya ba ne, kuma rubutun dole ya bambanta su da baki. Akwai iyakar da ke kan kowace na'ura irin wannan, kamar lissafin da muka yi. Akwai zaɓin da kamfani ya yi da gangan domin ya rage nauyi ko kuɗin ƙira. Akwai kuma lahanin da watakila naka ne kaɗai ya zo da shi. Na farko bayani yake so. Na biyu shi ne naman bidiyon, a kansa za ka daɗe. Na uku kuma yana son taka-tsantsan.

Mu ɗauki na biyu. Fawa-bank da yawa masu wannan girma suna ɗauke da 22.5W a gaban kwali. Sau da yawa wannan lamba ta kafa ɗaya ce, kuma sai da wayar da ta san wani tsarin caji na musamman da wasu kamfanoni kaɗan ke amfani da shi. Sauran wayoyi, waɗanda ke bin tsarin caji mai sauri na gama-gari da ake kira PD ta kafar USB-C, sukan tsaya a 18W ko 20W. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ke faruwa idan ka saka na'ura biyu a lokaci guda. A irin waɗannan samfurori yawanci caji mai sauri yana kashe kansa gaba ɗaya, duk kafofin su koma bolt 5, su raba amfiya 3 a tsakaninsu, wato 15W ke nan na kowa da kowa. Ana rubuta wannan a jikin na'urar, amma da haruffan da sai ka kanne ido. Ga yadda za ka nuna shi: kyamara a kan mita, tana nuna 9V da kusan 2A. Ka sa hannu ka cusa kebul na biyu ba tare da ka yanke hoton ba. Allon mitar zai ɗan ƙifta, lambar ta faɗo 5V. Kada ka yanka wurin nan wajen tacewa, domin rashin yankan shi ne shaidarka. Maganar da za ta hau kai ita ce:

"Duba nan. Waya ɗaya, tana shan wat 18. Na saka ta biyu, ta farko ta faɗo ƙasa da wat 8. Idan kai kaɗai ne da wayarka, wannan ba zai taɓa damunka ba. Idan kuwa dalilin sayenka shi ne ka riƙa cajin waya biyu tare, to wannan ba naka ba ne."

Ka lura ban ce "abin takaici" ba, ban ce "sai dai kash" ba. Lambar ta yi magana, ni kuma na faɗi wanda abin ya shafa. Da zarar ka haɗa aibi da mutumin da zai dama, ka fita daga sahun masu ɓata kaya, domin a jimla ɗaya ka gaya wa wasu su saya, ka gaya wa wasu su bari.

Haka za ka yi da lokacin da shi kansa yake ɗauka kafin ya cika, wanda masu bidiyo kan manta da shi saboda ba ya kyau a kyamara. Zuba 37Wh ta cajar wat 10 zai kai awa huɗu zuwa biyar, ta cajar wat 18 kuma wajen awa uku, saboda caji yana raguwa sosai idan batir ya kusa cika. Gwada duka biyun, ka faɗi wace caja ka yi amfani da ita. Idan babu kan caja a cikin kwalin, faɗi haka a nan, a daidai wurin da rashinsa ke da ma'ana.

Batun zafi kuma, kada ka bar shi a "yana zafi". Samu ma'aunin zafi na hannu, ko mai tsinke da ake mannawa, ka auna jikin na'urar a farko, bayan minti 15, da bayan minti 30 na caji mai sauri, kuma ka faɗi zafin ɗakin da kake ciki. Digiri 42 a ɗaki mai digiri 35 daban yake da digiri 42 a ɗaki mai digiri 22. Sannan ka sa ido a kan mita: shin wat ya sauka lokacin da zafin ya hau? Idan ya sauka daga 18 zuwa 10 bayan minti 20, na'urar tana kare kanta ne, abu ne mai kyau ta fuskar tsaro, amma yana nufin saurin da aka yi talla ba ya ɗorewa. Faɗi ɓangarorin biyu. Abu ɗaya ne ba a yi masa sassauci: idan jikin ya kumbura, ko ka ji wari, ko roba ta fara laushi, ka dakatar da gwaji nan take, ka ajiye shi nesa da abin da zai kama wuta, kuma wannan labari ya koma sakan na farko na bidiyon.

Sai na uku, lahanin da ba ka sani ba ko na kowa ne. A ce kafar USB-C ɗin naka tana da sako-sako, da an taɓa kebul sai caji ya yanke. Kafin ka rubuta, canza kebul, canza waya, duba ko akwai ƙura a kafar. Idan matsalar ta bi fawa-bank ɗin duk inda ka kai shi, rubuta wa kamfanin ka gaya musu abin da ka gani, ka nemi bayani ko wani guda. Idan na biyun lafiya lau yake, ka faɗi labarin duka: na farko ya yi kaza, na biyu bai yi ba. Idan ba su amsa ba, ka ce "wanda ke hannuna yana yin kaza, guda ɗaya na gwada, na tambayi kamfanin ban samu amsa ba har zuwa ranar da na ɗauki bidiyon nan". Kada ka ce "suna da matsalar kafa" alhali guda ɗaya ka taɓa riƙewa. Kada kuma ka share shi da hujjar wataƙila naka ne kawai, domin wanda kamfani ya zaɓa ya aiko wa mai bidiyo ma ya zo da lahani, wannan kansa labari ne.

Yanzu ga tsarin rubutun. Raba takarda gida biyu, hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. Amfaninsa a wannan aiki shi ne duk inda ka rubuta aibi a dama ka ga hagu babu komai, ka san ba ka da shaida tukuna.

Sakan 30 na farko su ɗauki abu uku: yadda na'urar ta zo hannunka, hukuncinka a taƙaice, da babban aibinta. Mutane da yawa ba sa kai ƙarshen bidiyo, don haka aibin da aka ajiye a minti na takwas tamkar an ɓoye shi ne. Buɗewar za ta iya zama haka:

"Wannan fawa-bank kamfanin ne ya aiko mini kyauta. Ba su biya ni ba, ba su ga bidiyon nan kafin ku ba. Na yi mako biyu ina amfani da shi. A taƙaice: yana riƙe wuta da kyau, ba shi da nauyi, amma idan ka saka waya biyu saurin cajinsa yana tafiya. Bari in nuna muku."

Duk abin da ka faɗa a nan ya zama gaskiya ne daidai. Idan sun biya ka, ka ce sun biya. Idan akwai mahaɗin saye a ƙarƙashin bidiyon da za ka samu kamasho da shi, faɗa da bakinka, kada ka bar shi a akwatin bayani inda ba kowa ke buɗewa ba. A YouTube akwai wurin da ake yi wa alama idan da hulɗar kasuwanci, wanda ke sa Includes paid promotion ya fito a kan bidiyon. Yi alamar idan ta shafe ka, amma kada ta maye gurbin maganarka.

Bayan buɗewa, ni ban yarda da tsarin "ga alherai, ga aibobi" a jere ba. Yana raba abin da bai rabu ba. Rashin nauyin da kake yabo shi ne sau da yawa dalilin zafin da kake kuka da shi, saboda ƙaramin jiki ba shi da wurin watsar da zafi. Gara ka bi tambayoyin mai saye ɗaya bayan ɗaya: sau nawa zai cika wayata, da wane sauri, awa nawa zai ɗauka kafin ya cika, zan iya yawo da shi a aljihu? A ƙarƙashin kowace tambaya ka kawo daɗi da rashin daɗi tare. Ta haka aibi yana zuwa a gurbinsa, ba ya zama kamar harajin da ka biya a ƙarshe don a ce kai mai gaskiya ne.

Ka kuma ba kowane aibi lokaci daidai nauyinsa. Akwai wata dabara da ta fi yin shiru muni, ita ce a cika bidiyo da ƙananan ƙorafe-ƙorafe, launi bai yi ba, jiki yana riƙe zanen yatsa, kebul ɗin ciki gajere ne, sai babban aibin ya nutse a tsakaninsu. Mai kallo ya fita yana jin an gaya masa komai, alhali abin da zai hana shi saye an ba shi sakan biyar. Jera aibobin a gefe, ka tambayi kanka wanne ne zai sa mutum ya mayar da kayan bayan ya saya. Wannan ya samu minti guda da hoto da lamba. Sauran su haɗu a jimla ɗaya.

Idan ka gama rubutawa, ɗauki biro ka bi kalmomin sassautawa: "ɗan", "kaɗan", "ba wani abu ba ne", "amma dai", "ga kuɗinsa ai ya yi". Kowace ka gani, ka tambaya ko awo ne ya sa ta ko kunyar wanda ya ba ka kyauta. "Yana ɗan jinkirin cika" ka mayar da shi "yana ɗaukar awa uku da kwata da cajar wat 18". Haka ma ɗaya ɓangaren: "shirme", "asarar kuɗi", "kada ka kuskura", idan ba lamba a bayansu, cire su. Karanta rubutun da ƙarfi kana duba agogo, domin jimlar da ta yi daidai a takarda takan yi tsawo a baki, kuma lambobi fiye da biyu a jimla ɗaya ba sa zama a kunne. Saura ka bar wa allo.

Kusa da ƙarshe ka ware sakan 20 ga abin da ba ka iya gwadawa ba. Ga fawa-bank wannan babba ne, domin batirin litiyom yana tsufa, yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa bayan ɗaruruwan caji, kuma mako biyu ba za su nuna maka ko wannan zai tsufa da wuri ba. Ka ce haka ƙarara: "Ban san yadda zai kasance bayan shekara ba. Zan sake auna shi bayan wata shida in sa sakamakon a ƙarƙashin wannan bidiyo." Idan ka yi wannan alkawari, ajiye lambobin farko da mitar da kebul ɗin da ka yi amfani da su, don awo na biyu ya yi daidai da na farko.

Saura kamfanin. Kafin ka saki bidiyon, duba abin da kuka yi yarjejeniya a rubuce. Idan sun nemi su gani kafin ya fita, za ka iya tura musu lambobin da ka auna da yadda ka auna su, su gyara maka idan akwai kuskuren fasaha, misali idan akwai maɓallin da ake dannawa sau biyu don cajin ƙananan na'urori irin su abin sauraro na kunne, kai kuma ba ka sani ba har ka ɗauka na'urar tana kashe kanta ne haka kawai. Irin wannan gyara ka karɓe shi hannu biyu. Amma hukuncin da jerin aibobin ba nasu ba ne. Idan sharaɗinsu shi ne a cire maganar waya biyu, to abin da suke so talla ne, kuma kana da zaɓi biyu masu tsabta: ka yi tallan ka kira shi talla tun daga sakan na farko, ko ka mayar musu da kayansu. Nan gaba, tun kafin ka karɓi wata na'ura, aika musu layi biyu a rubuce cewa za ka faɗi duk abin da ka auna, kuma ba za su ga hukuncin ba sai ranar da kowa ya gani.